Mai musu, maƙaryaci da mai gaslaitin: inda suka rabu

Kalmar gaslaitin ta shigo bakin matasanmu ta waya, har ta kai yanzu a Gusau ko Birnin Kebbi sai ka ji yarinya ta jefi ƙawarta da ita don kawai ta ce ba haka aka yi ba. A ilimin halayyar ɗan Adam ma'anarta ta fi haka ƙunci, ta kuma fi haka muni. Ana nufin mutum ya daɗe yana juya wa wani tunani, yana ƙaryata abin da ya gani da abin da ya ji da abin da ya tuna, har wanda ake yi wa ya daina amincewa da hankalinsa, ya koma sai abin da mai juya shi ya ce.

Asalinta wani wasan daɓe ne mai suna Gas Light da Bature ɗan Ingila Patrick Hamilton ya rubuta a 1938, aka mayar da shi fim a Ingila a 1940, sannan a Amurka a 1944 da Ingrid Bergman. A labarin, miji ne ke ɓoye kayan gida ya ce matarsa ce ta ɗauke ta manta. Da dare yakan hau saman bene a ɓoye yana neman wasu duwatsu masu daraja, in ya kunna fitilar gas ta sama sai ta ƙasa ta dushe. Matar tana ganin fitila na dushewa, amma an riga an sa ta shakkar kanta, ba ta ma san ko idonta ne ke mata gizo ba. Likitoci sun ɗauko sunan a 1969, lokacin da Barton da Whitehead suka yi rubutu a mujallar Lancet kan mutanen da makusantansu suka ƙulla musu sharrin taɓin hankali don a kwantar da su asibiti a rabu da su. Littafin Robin Stern na 2007 ya yaɗa batun cikin jama'a, a 2022 kuma ƙamus na Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara. Duk da wannan suna da ta yi, ba cuta ba ce da likita zai auna ya rubuta a kati, ba ta ma cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa. Hali ne na cutarwa da ke faruwa tsakanin mutum biyu.

Mu ɗauki misali guda mu juya shi sau uku. Mace ce a Gusau mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ta kwashi adashinta naira dubu 80 ta ba mijinta ya sayo mata tunkiya a kasuwar Talata Mafara ta riƙa kiwo. Wata biyu ba tunkiya, ba kuɗi.

A juyi na farko, ta tambaya, ya ce: “Maman Amira, ai ni na ɗauka rance kika ba ni na sayi taki, in an yi girbi in biya ki.” Ta ce a'a, tunkiya ta ce. Murya ta tashi, ƙila a kwana ba a magana. Wannan saɓani ne. Dukansu sun yarda an ba da kuɗin, inda suka rabu shi ne fassarar maganar. Kuma mai yiwuwa kowa gaskiyarsa yake faɗa, domin ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu kamar yadda ya faru cif. Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna haka a 1974: an nuna wa mutane hoton bidiyon haɗarin mota, waɗanda aka tambaye su gudun motocin da kalma mai zafi, kamar “ragargaje” maimakon “buge”, suka kimanta gudu fiye da sauran, bayan mako guda wasunsu har suka ce sun ga fasasshen gilashi alhali babu shi. To in kalma ɗaya a tambaya tana canza abin da mutum ke tunawa, ina ga maganar da aka yi a tsakar gida ana tuƙa tuwo yara na kuka? Mutum ya ce maka “ni ba haka na tuna ba” bai cuce ka ba tukuna.

A juyi na biyu, ya cinye kuɗin, ya ce an yanke masa aljihu a tasha. Ƙarya ce, kuma zunubi ne, amma a lura da yadda maƙaryaci ke aiki. Yana buƙatar hankalinta ya kasance lafiya lau, don da shi za ta auna labarin ta ga ya yi kama da gaskiya. Shi ya sa yake ƙawata shi, ya faɗi motar da ya shiga da cunkoson da aka yi. Abin da yake so shi ne ta yarda da labari ɗaya na bogi a wuce wurin. Ranar da ta gano, za ta yi fushi, amma ta san abin da ta sani.

Juyi na uku shi ne batunmu. Ta tambaya, ya dube ta da mamaki: “Wane kuɗi? Yaushe kika ba ni kuɗi?” Ta faɗi ranar, ta faɗi rigar da ke jikinsa. Ya girgiza kai cikin tausayi: “Subhanallahi. Kwanan nan ina lura da ke, ba daidai kike ba. Shekaranjiya ma kin bar risho a kunne.” Ba ta bar shi ba, amma wa zai rantse kan abin da ya yi shekaranjiya? Bayan mako makullin akwatinta ya ɓata, ya “tsinto” mata shi a cikin kwanon gishiri. Ya je wajen mahaifiyarta ya durƙusa: “Inna, a taya mu da addu'a, tun da ta haihu mantuwa ta yi mata yawa, har tana cewa ta ba ni abin da ba ta ba ni ba.” Daga nan duk ƙarar da za ta kai gida ta riga ta mutu, don an shiga gabanta. A ƙarshe ita da kanta za ta riƙa cewa, “Baban Amira, don Allah na kulle ƙofa kuwa?”

A nan maganar ta tashi daga kan dubu 80 ta koma kan wa ya cancanci a saurara a gidan. Mai falsafa Kate Abramson ta yi bayani a 2014 cewa mai gaslaitin ba cin gardama yake nema ba, so yake ya kawar da yiwuwar a yi masa gardama gaba ɗaya. Akwai ƙarya a cikin aikinsa, sosai ma, amma kayan aiki ce kawai. Abin da ake hari shi ne mai sauraron.

Shi ya sa magana ɗaya ba ta isa a kira ta gaslaitin. Sai an ga maimaici na watanni ko shekaru, an ga kullum gefe ɗaya ne ke da matsalar ƙwaƙwalwa, an ga ana raba mutum da waɗanda za su gaskata shi. Kuma kusan kullum akwai fifikon iko. Paige Sweet, masaniyar zamantakewa, ta yi hira da matan da suka sha duka da cin zarafi a hannun mazajensu ko samarinsu, ta wallafa a 2019 cewa abin yana cin nasara ne idan mai yin sa ya jingina da abin da jama'a suka riga suka yarda da shi, kamar cewa mata ba su da tsayayyen hankali. A wajenmu ba sai an je nesa ba. “Kishi ne ke ɗibarta.” “Iskokinta ne suka tashi.” “An yi mata sammu.” Mutum na iya faɗin waɗannan da zuciya ɗaya, yana neman wa matarsa magani da gaske. Amma duk ranar da aka ga aljanun mace ba sa tashi sai ta tambayi kuɗinta ko gadonta, ya kamata dangi su tsaya su duba da kyau kafin a kira mai ruƙiyya.

Ba a gidan aure kaɗai ake yi ba, ba kuma maza kaɗai ke yi ba. Yaron shago a kasuwa da ubangidansa ya yi wa alkawarin sallama bayan shekara biyar, da lokaci ya yi aka ce masa mafarki ya yi, kuma dama shi lissafi ba ya zama a kansa, har ya fara tsoron ƙirga canji, shi ma ya shiga wannan hali. Haka dattijon da 'ya'yansa ke son sayar da gonarsa suka bi gari suna cewa Baba ya rikice.

Masana ba su haɗu a kan batun niyya ba. Wasu sun ce sai da gangan, kamar mijin cikin wasan. Wasu, ciki har da Stern, suna ganin da yawa ba sa zama su tsara, mutane ne da ba sa iya jure a ce sun yi kuskure, sai su murɗe gaskiya, su ma su yarda da murɗiyar. A ganina wanda abin ke faruwa da shi kada ya ɓata lokaci wajen leƙa zuciyar wani. Ya duba kansa: bayan gardama da wannan mutum, ina fitowa da fushi ne, ko ina fitowa ban san ko ni ne na yi laifi ba? Na fara ba da haƙuri kan abin da ban tuna na yi ba? Da sauran mutane, a kasuwa ko Islamiyya, ana kama ni da irin wannan mantuwar? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin mantuwar gaske ba ta zaɓen mutum ɗaya.

Kuma mantuwar gaske tana nan. Akwai rikicewar tsufa, akwai larurar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, akwai ciwon damuwa da ke hana mutum riƙe abu. Iyalin da suka ce wa mara lafiya “ba kowa a ɗakin nan” lokacin da yake jin muryoyi ba juya shi suke yi ba. Mai raba gardama a nan likita ne, a babban asibitin tarayya na Gusau ko na Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, kuma ya kyautu a bar mutum ya gana da likita shi kaɗai, ba wanda ya kawo shi ya riƙa amsa tambayoyi a madadinsa ba.

Wanda ya ga alamun a rayuwarsa, abu na farko shi ne ya samo shaidar da ba ta dogara da ƙwaƙwalwarsa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka ba rashin kunya ba ne mace ta tura wa mijinta kuɗi ta banki maimakon hannu da hannu, ko yaron shago ya nemi a yi alkawari gaban shugaban kasuwa. A rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, a ajiye inda mai juyin ba zai gani ba. A sami mutum ɗaya amintacce, yaya ko gwaggo ko malama, da za a riƙa faɗa wa abu da zafinsa. Kada a ɗauka shaidar za ta sa mai gaslaitin ya amsa laifi, galibi cewa zai yi rubutun ma alamar ciwon ne. Amfaninta na mai ita ne da waliyyai ko alƙali in magana ta kai can. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta lissafa cutarwa ta baki da ta zuciya cikin laifuka, ba duka kaɗai ba. In kuwa akwai duka ko barazana a ciki, kada a tunkare shi da takarda a ɗaki, a fara kai kai inda ake da tsaro, sannan a yi maganar.