Rahoto kan ɓatan yaro da samunsa a wajen walimar saukar karatun Alƙur'ani

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makaranta
Daga Sakataren Kwamitin Shirye-shiryen Walima
Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bisa umarnin da ka ba ni a daren Asabar, ga bayanin abin da ya faru game da yaron da ya ɓace a wajen walimar saukar ɗalibanmu 64, wadda muka gudanar ranar Asabar 15 ga wannan wata a filin firamaren unguwarmu da ke cikin birnin Kano. Lokutan da na kawo na ɗauko su ne daga littafin teburin 'yan agaji da kuma jerin kiran da ke cikin wayata, inda kuma na dogara da abin da wani ya tuna kawai, na ce "wajen ƙarfe kaza". Cikakken sunan yaron da na iyayensa suna cikin littafin, ban sa su a nan ba saboda rahoton zai bi hannu da yawa.

An buɗe taro da ƙarfe 2:30 na rana. Kujeru 800 muka yi haya, muna tsammanin mutum kamar 1,500, amma a ƙiyasin shugaban 'yan agaji waɗanda suka hallara sun haura 2,000, mafi yawansu mata da ƙananan yara. 'Yan agajinmu 18 ne, kuma filin yana da ƙofa uku: ta gabas, ta yamma da ƙaramar ƙofar kudu.

Yaron ɗan shekara huɗu ne, ƙanen ɗaya daga cikin masu sauka. Da aka ɗaga taro don sallar La'asar da ƙarfe 4:05, mahaifiyarsa ta damƙa shi a hannun yayarsa mai shekara tara, ta tafi alwala. Da ƙarfe 4:25 aka dawo aka fara kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya suna karanta farkon Baƙara daga allunansu na zayyana, sai jama'a suka yo gaba da wayoyi kowa yana son ɗaukar nasa, layin da muka shata tsakanin rumfar mata da dandamali ya rushe. Yayar ta ce ganinta da shi na ƙarshe wajen ƙarfe 4:30 ne, kusa da durom ɗin ruwan sha, lokacin da ta sake hannunsa ta hau benci don ta hango yayansu.

Mahaifiyar ta lura ba ya nan wajen ƙarfe 4:40, amma ta ɗauka ya tsallaka wurin mahaifinsa a rumfar maza. Ta yi ta kiran wayarsa ba ta shiga, domin layi ya cushe saboda yawan jama'a, kuma ta ji nauyin ratsa maza ta je da kanta. Sai ƙarfe 5:02 mahaifin ya zo teburin agaji ya ba da cigiya. Wato yaron ya yi fiye da rabin awa da ɓata kafin wani daga cikinmu ya sani, kuma ban ga laifin iyayen a nan ba, tunda ba mu taɓa faɗa wa kowa a lasifika inda zai kai irin wannan kuka ba, teburin ma a bayan dandamali muka ajiye shi, inda mace ba za ta iya isa cikin sauƙi ba.

Labari ya iso gare ni da ƙarfe 5:05. Nan take na sa aka tsare ƙofofin uku, da umarnin kada a bar kowa ya fita da yaro sai an tabbatar nasa ne. A lokacin babban baƙo yana tsakiyar jawabi, na kuma ji kunyar katse shi, na tsaya jira har ya sauka da ƙarfe 5:17. Minti 12 ke nan da suka tafi a banza, kuma ni na yanke wannan shawara, ba wani ba. Da na gaya masa daga baya, cewa ya yi da na karɓe makirfon daga hannunsa da ya fi masa daɗi.

Sanarwar farko ta fita da ƙarfe 5:17, da sunan yanka na yaron kamar yadda mahaifinsa ya ba mu, tare da cewa yana sanye da shuɗiyar shadda da hula. Wannan kwatance bai taimaka ba, domin shuɗiyar shaddar ita ce ankon da iyalan masu sauka suka fitar, kuma yara maza da suka sa ta a filin sun kai arba'in. Cikin minti goma an kawo mana yara biyar teburin, babu shi a ciki, biyu daga cikinsu ma iyayensu na biye da su a fusace.

Da ƙarfe 5:20 na raba 'yan agaji da malamai gida huɗu. Na ce a fara da wuraren da ke da haɗari kafin wuraren da ake zaton yaro zai je wasa: rijiyar da ke bayan ofishin hedimasta, wadda muka tarar murfinta na kulle, sai banɗakuna, da kwalbatin da ke bin katangar kudu, da ƙarƙashin dandamali inda wayoyin wuta suke. Daga nan aka bi azuzuwa 14 ɗaya bayan ɗaya, aka duba tsakanin motoci da Adaidaita Sahu da ke fake. Malamai mata biyu suka bi rumfar mata layi-layi suna ɗaga tabarmi da mayafan da aka lulluɓe yara masu barci. Zuwa ƙarfe 5:40 an gama da cikin filin kaf. Duk wannan nema a cikin katanga muka yi shi, babu wanda na tura waje, domin na saki jiki da cewa ƙofofi a tsare suke, na manta cewa kafin a tsare su sun fi rabin awa a buɗe bayan ɓatan yaron.

Akwai abin da ya faru da ƙarfe 5:31 wanda ya kamata kwamiti ya sani. A ƙofar gabas wasu matasa suka tare wani bawan Allah da ke ɗauke da yaro mai shuɗiyar shadda yana kuka, wani ya ɗaga murya ya ce ga ɓarawon yara, kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye shi har an cire masa hula. Ɗansa ne na cikinsa. Allah ya sa limamin unguwa yana kusa kuma ya san shi, ya shiga tsakani. Tun da 'yan sanda suka sanar a watan Oktoba na 2019 cewa sun ceto yara tara 'yan Kano da aka sace aka kai Anaca a jihar Anambra, duk inda aka ce yaro ya ɓata a garin nan zukatan mutane can suke fara tafiya, kuma da na tuna da haka, da dattawa na sa a ƙofofin, ba samari ba. Na je gidan mutumin da aka tare jiya na ba shi haƙuri a madadin makaranta, ya ce ya yafe.

Da ƙarfe 5:38 janareta ya mutu saboda mai ya ƙare, lasifika ta yi shiru har 5:47. A tsakanin nan na kira ofishin 'yan sanda na yankinmu da ƙarfe 5:40, na kuma aika mutum biyu a babur gidan mai unguwa, tunda nan aka saba kai yaron da aka tsinta. Mai unguwa ya ce ba a kawo kowa ba, amma ya aika maƙwabtan unguwanni. 'Yan sanda biyu sun iso da ƙarfe 5:58.

Abin da ya warware matsalar daga bakin kakar yaron ya fito. Da ƙarfe 5:50 ta zo teburin tana dogara sanda ta ce da ni: "Malam, wannan sunan da kuke ta kira, shi fa bai san shi ba. Sunan mai gidana aka sa masa, Abba muke ce masa." Ta ƙara da cewa yana da tabo a girarsa ta hagu, kuma ya bar hularsa a hannunta tun kafin La'asar. Ashe fiye da rabin awa muna cigiyar yaro da sunan da ba ya amsawa, da hular da ba ta kansa. Da ƙarfe 5:52 aka sake sanarwa da laƙabin da tabon, na kuma ba mutum biyu lasifikar hannu suka zagaya bayan katanga, inda masu saye da sayarwa suka yi layi.

Da ƙarfe 6:04 aka same shi, taku kamar ɗari daga ƙofar yamma, yana barci a kan tabarmar wata baiwar Allah mai suyar awara, an lulluɓe shi da zani saboda iskar hunturu, takalminsa ƙafa ɗaya, da guntun awara a hannunsa. Ta shaida mana cewa wajen ƙarfe 4:50 ta gan shi yana kuka a bayan mai sayar da balan-balan, wanda bisa ga dukkan alamu shi ya biyo ya fito. Ta tambaye shi sunansa ya ce Abba. Ta ji sanarwar farko, amma da ta ji wani suna daban da maganar hula, sai ta ɗauka wani yaron ake nema. Ba ta iya barin kaskon mai a kan wuta ba, kuma da ta ji hayaniyar ƙofar gabas ta ji tsoron a gan ta da ɗan mutane a kafaɗa. Sau biyu ta aiki 'yarta ta gaya mana, sau biyu masu tsaron ƙofar yamma suna mayar da ita, a zatonsu talla ta kawo.

An kawo shi teburin da ƙarfe 6:09. Kafin a miƙa shi, a gaban 'yan sandan biyu da liman, mun duba tabon, shi kuma da ya buɗe ido ya ga mahaifiyarsa ya miƙa hannu yana cewa Umma. Ita ba ta iya cewa komai ba, zama ta yi a ƙasa ta rungume shi, kakar ce ta yi ta godiya. Ma'aikaciyar jinya da ke cikin iyayen ɗalibai ta duba shi, ba ta ga rauni ba sai ɗan ƙujewa a gwiwa. Mahaifin ya sa hannu a littafi da ƙarfe 6:20, aka sanar da jama'a, aka rufe taro da addu'a kafin kiran Magariba. Daga ganinsa na ƙarshe zuwa samunsa awa ɗaya da minti 34 ne, daga kawo cigiya kuwa awa ɗaya da minti biyu.

Ina roƙon kwamiti ya amince cewa a walima ta gaba teburin cigiya ya kasance a bakin rumfar mata, da mace a kansa, a kuma sanar da wurinsa tun buɗe taro da bayan kowace sallah. Duk wanda ya karɓi cigiya ya tambayi sunan da ake kiran yaro da shi a gida da wata alama ta jikinsa kafin ya tambayi kaya, kuma a ba sakatare izini a rubuce ya katse kowane jawabi. Rukuni ɗaya na masu nema ya fita bayan katanga tun daga minti na farko, a kuma gaya wa masu sana'a a waje wanda za su nema idan sun tsinci yaro. Maganar man janareta na riga na yi ta da wanda muka ɗauko.

Mai awarar ta ƙi karɓar kuɗin da mahaifin ya miƙa mata. Ina ba da shawarar wakilai biyu na kwamiti, tare da ɗaya daga cikin malamai mata, su je gidanta ranar Juma'a su yi mata godiya, na riga na karɓi kwatancen gidan daga wurin 'yarta.

Wassalam.

Sakataren Kwamitin Shirye-shiryen Walima