Yadda za ku fitar da rabon 'ya'ya a haɗin daihaibirid ba sai kun zana akwati 16 ba

Toh 'yan aji ɗaya, kafin gwajin mako mai zuwa ga bayanin da kuka ce in rubuta muku akan haɗin daihaibirid, wato haɗin da muke bin sifa biyu a lokaci guda. Na duba takardunku na firatikal, mafi yawanku kun haddace 9:3:3:1 kuna liƙa shi a kowace tambaya, alhali wannan rabon yana da sharaɗinsa, in iyayen suka canza shi ma ya canza.

Mu fara da waken fis ɗin Mendel, tunda da shi ya yi aikinsa a lambun gidan ibadarsu da ke Brno, aka buga sakamakon a 1866. Sifa ta farko siffar ƙwaya ce: mulmulalliya R, ita ce dominan, mai tamoji r, risesif. Ta biyu launi: rawaya Y dominan, kore y risesif. Ya haɗa RRYY da rryy, duk 'ya'yan farko, F1 kenan, suka fito RrYy, mulmulallu kuma rawaya. Nan ba wani lissafi. Aikin yana farawa ne in aka haɗa RrYy da RrYy.

Abu na farko, gamit, wato sel ɗin haihuwa na uwa ko na uba. Kowane gamit yana ɗaukar alil ɗaya tak daga kowane jin, wato harafi ɗaya daga gidan R, ɗaya daga gidan Y. Saboda haka RrYy zai ba da iri huɗu:

```
RY   Ry   rY   ry
```

Dan Allah ku daina rubuta Rr ko Yy a matsayin gamit, wannan kuskuren shi kaɗai yana rusa duk akwatin, don gamit mai Rr ba shi da jin na launi kwata-kwata. Me ya sa huɗun suke fitowa daidai wa daida, kowanne 1/4? Saboda a miyosis na farko, lokacin da kuromozom suka yi layi biyu-biyu a tsakiyar sel, yadda tagwayen da ke ɗauke da R suka juya bai shafi yadda masu ɗauke da Y suka juya ba. R na iya tafiya da Y, yana iya tafiya da y, ba ruwansa. Wannan shi ne rabuwar da kowane jin ke yi ba tare da ya dogara da ɗan uwansa ba, dokar Mendel ta biyu kenan.

Za ku iya jera gamit huɗu a sama, huɗu a gefe, ku cike akwatin Punnett mai gida 16, kuma ina so kowa ya yi haka ko sau ɗaya ne don ya gani da idonsa. Amma a ɗakin jarrabawa ni dai ban ba ku shawara ba, yana cin lokaci kuma harafi ɗaya ya kuɓuce maka shikenan ƙidayar ta lalace ba ka ma sani ba. Tunda jin biyun ba ruwan wani da wani, sai ka raba tambayar gida biyu, ka yi kowace ita kaɗai, sannan ka ninka. Kamar dai ka cilla kwabo biyu sama, yadda na farko ya faɗi ba zai gaya ma na biyu yadda zai faɗi ba.

Rr da Rr: 3/4 mulmulallu, 1/4 masu tamoji. Yy da Yy: 3/4 rawaya, 1/4 kore. Yanzu ninki:

```
R_Y_ = 3/4 × 3/4 = 9/16
R_yy = 3/4 × 1/4 = 3/16
rrY_ = 1/4 × 3/4 = 3/16
rryy = 1/4 × 1/4 = 1/16
```

Wannan alamar _ da ke bayan R ko Y tana nufin harafi na biyu ko babba ne ko ƙarami duk ɗaya, finotaif ɗin, wato kamannin da ake gani a ido, ba zai canza ba. Kun ga inda 9:3:3:1 ya fito, 3:1 ne aka ninka da 3:1. Kullum ku tara amsoshin ku gani ko sun ba da 1, in ba su ba da ba akwai matsala a wani wajen.

Shi Mendel da ya ƙirga ƙwayoyi 556 na F2, wato 'ya'yan RrYy da RrYy, ya samu 315 mulmulallu rawaya, 108 mulmulallu kore, 101 masu tamoji rawaya, sai 32 masu tamoji kore. In ka ɗauki 9/16 na 556 za ka samu 312.75, 3/16 kuma 104.25, 1/16 ya ba da 34.75. Ba su yi daidai cif ba kuma ba za su taɓa yi ba, ai babu rubu'in ƙwaya, rabon yana gaya maka abin da ake sa ran gani ne, kuma iya yawan 'ya'yan da ka ƙirga iya kusantar da za ka yi. Ku ma gwada wani abu da waɗannan alƙaluman, ku manta da launi ku tara mulmulallu kawai: 423, masu tamoji 133. Kusan 3:1 ɗin nan ne yana nan a ciki bai je ko'ina ba.

Yanzu inda ake kama ku. Tambaya ta ce RrYy aka haɗa da Rryy, an samu ƙwaya 240. Wanda ya haddace zai rubuta 9:3:3:1 ya miƙa takarda yana murna. Kai ka raba. Rr da Rr har yanzu 3/4 da 1/4 ne, amma Yy da yy rabi da rabi ne, 1/2 rawaya 1/2 kore. Mulmulallu rawaya 3/4 × 1/2 = 3/8, mulmulallu kore ma 3/8, masu tamoji rawaya 1/8, masu tamoji kore 1/8. Rabon 3:3:1:1 kenan, a cikin 240 kuma ana sa ran 90, 90, 30, 30. In kuma RrYy aka haɗa da rryy, wato haɗin gwaji, kowane ɓangare rabi da rabi ne, sai a samu 1:1:1:1, kuma abin da ya sa ake son wannan haɗin shi ne 'ya'yan suna nuna maka gamit ɗin RrYy kai tsaye tunda ɗayan ba abin da yake bayarwa sai ry.

Ku riƙa karanta tambaya da kyau ko finotaif ake nema ko jinotaif, wato su haruffan kansu irin RrYy. A RrYy da RrYy finotaif huɗu ne amma jinotaif tara. In aka ce nawa ne za su zama RrYY, ka koma 1:2:1 na kowane jin, Rr 1/2 ne, YY 1/4, amsa 1/8. Akwai kuma wata mai ɗan wayo: a cikin mulmulallu rawaya kaɗai, nawa ne RRYY? Nan amsar 1/9 ce, don an riga an ware sauran bakwai ɗin, cikin gida 9 kake zaɓa. Su taran kuwa RRYY 1, RRYy 2, RrYY 2, RrYy 4.

Jin uku ma haka ne, akwatin zai kai gida 64, ninki kuwa layi ɗaya, 3/4 × 3/4 × 3/4 = 27/64.

Duk wannan ninkin yana aiki ne in jin biyun suna kan kuromozom daban-daban, ko suna kan guda amma nesa da juna sosai. In suna maƙwabtaka a kuromozom ɗaya to tare suke yawan tafiya, gamit huɗun ba za su fito daidai ba, za mu zo kan wannan in mun shiga linkej. Haka kuma 3:1 ɗin na bukatar dominan ya rufe risesif gaba ɗaya.

Ga na gwaji ku kawo ranar tutoriyal: RrYy da rrYy, ƙwaya 160. Ku rubuta gamit na kowane ɓangare, ku fitar da rabon finotaif ta hanyar ninki, sannan ku zana akwatin ku tabbatar, gida 8 ne kawai. In masu tamoji kore ba su fito 20 ba ku sake duba ɓangaren Rr da rr.