Wasiƙa zuwa ga Oga Ɗanladi kan fitilar da ke kamawa a motata

Unguwar Hotoro, Kano
Lahadi, 20 ga Yuli, 2025

Oga Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Ga Mubarak ƙanena nan na turo da motar, Corolla ɗina ƙirar 2007 mai giya otomatik, wadda ka yi wa sabis bayan babbar sallah. Ni gobe da asuba zan wuce Abuja wani aiki na mako guda. Na zauna na rubuta ne saboda Mubarak bai taɓa jin abin da take yi ba, kuma ciwon nata ba kullum yake fitowa ba. Za ta iya zuwa gabanka lafiya lau, ka tayar ka ji shiru.

Fitilar da nake magana ita ce ruwan ɗorawar nan mai hoton inji. Ta bakin mai da ta batir duk suna mutuwa da zarar mota ta tashi, kamar yadda suka saba. Allurar zafi ma ba ta taɓa wuce tsakiya ba, kuma na duba ruwan lagireto sau uku, bai ragu ba.

Ranar Talata 8 ga wata ta fara kamawa. Da safe ne, na fito kai yara makaranta, muna tsaye a cunkoson Dangi, ƙafata a kan birki, esi a kunne. Sai na ji sitiyari yana karkarwa a tafin hannuna, robar ruwan da ke ajiye kusa da giya ma ruwan cikinta yana rawa. Allurar inji da ta saba zama wajen 700 ta riƙa sauka tana hawa, kamar motar za ta mutu sai ta farfaɗo. Ina ɗaga ido na ga fitilar ta kama, ta tsaya cak. Da na kashe esi karkarwar ta ragu, amma ba ta tafi ba.

Abubuwa biyu sun faru kafin wannan rana, ban san wanda ke da hannu ba, shi ya sa zan faɗa maka duka. Ranar Lahadi na sa an wanke min inji da ruwan famfo mai ƙarfi, kuma ina tsaye na ga yaron yana feshi har saman murfin inji. Ranar Litinin kuma na sha mai lita 25 a wani gidan mai da ban saba zuwa ba. Tun daga nan na ƙarar da wancan man, na sake sha sau biyu a inda na saba, ba abin da ya canza. Shi ya sa zuciyata ta fi karkata ga wankin.

Wanda ya tayar min da hankali shi ne na ranar Asabar 12 ga wata, a hanyar Zariya. Mu biyar ne a ciki, da buhun shinkafa a but. Daga Kano har Kura ba ta yi komai ba, fitilar dai tana kunne. Bayan mun wuce Kwanar Ɗangora na fito zan wuce wata tirela, ina kan 90, na taka totur sosai. Maimakon ta ja, sai ta shaƙe, ta fara fizga gaba da baya kamar ana riƙe ta ana saki. A lokacin fitilar ta daina tsayawa, ta koma ƙiftawa. Dole na koma bayan tirelar, ga mota tana tahowa a bayana da gudu, ga mahaifiyata a kujerar baya tana ta salati. Da na sassauta ƙafa, cikin kamar rabin minti ƙiftawar ta tsaya, ta koma kunne kawai. Sauran tafiyar a kan 70 na ƙarasa ta.

Yanzu na gane yadda take yi. Da sanyin safiya, minti uku zuwa biyar na farko, karkarwar ta fi tsanani. In ta ɗau zafi kuma hanya a miƙe take, ba ka jin komai. Amma da an zo hawa, ko gadar sama ta Ƙofar Nasarawa ce, ko an kunna esi da mutane a ciki, sai fizgar ta dawo. Ranar Laraba da aka kwana ana ruwa kuwa, tun daga ƙofar gida ta fara.

Sai maganar ƙara. In tana silo ka zagaya baya ka tsuguna kusa da salansa, za ka ji tana tafiya sumul sai ta yi "fut", ta ci gaba, ta sake "fut-fut", ba bisa tsari ba. Na kara tafin hannu a bakin salansar, iskar tana zuwa tana yankewa. Akwai warin ɗanyen fetur a wurin, amma ban ga hayaƙi baƙi ko shuɗi ba. A gaba kuma, in an buɗe bonet, akwai wani siririn "tas-tas" da nake ji jefi-jefi ta saman inji, ya fi fitowa da daddare in unguwa ta yi tsit. Ba irin kukan fambel ba ne, kuma ba bugun ƙarfe mai nauyi ba ne daga ƙasan inji. Birki da sitiyari lafiyarsu ƙalau, giya ma tana shiga ba gardama. Mai kam tana shansa fiye da da: abin da yake kai ni mako yanzu da ƙyar yake kwana biyar.

A Zariya wani abokin aikina ya jona mata ƙaramar na'urarsa ta gwaji, ta nuna `P0302`. Ya ce ma'anarsa silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai daidai. Ya goge, fitilar ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. Shi ne kuma ya gargaɗe ni cewa ƙiftawa ta fi tsayawa haɗari, domin ɗanyen man da ke wucewa yana ƙone katalis ɗin cikin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na fulogi sau da yawa. Tun ranar Alhamis na ajiye ta, ina hawa Adaidaita.

Kai ne masani, amma ina roƙon ka fara da ciro kwayil na biyu ka leƙa ramin fulogin, ko akwai ruwa ko bakin mai a kwance. In ba damuwa ka musanya shi da na uku ka sake jona na'ura, mu ga ko laifin zai bi shi. Fulogogin nan tun da na sayi motar ba a canza su ba, yanzu tana kan kilomita 214,000. In ba su ba ne, a duba nozul da famfon mai.

Don Allah kada a goge fitilar kawai a ce an gama, kuma kada yara su cire katalis ko su toshe wata waya. Ka fita da ita da kanka hanyar Zariya, da mutum biyu ko uku a ciki da esi a kunne, ka taka ta sosai, a nan take nuna halinta. In za a sayi kaya a Ƙofar Ruwa, na fi son na asali ko da na hannu ne, kuma a ajiye min tsofaffin in gani. Na ba Mubarak naira 40,000. Abin da ya haura haka ka kira ni tukuna, bayan la'asar nake fitowa daga zaman aiki.

Ranar 2 ga Agusta zan mayar da Hajiya asibiti a Zariya, kuma da wannan motar nake son kai ta.

Ka gaida mutanen gida. Na gode ƙwarai.

Naka,
Malam Kabiru