Rahoton rufe aiki: darussa daga rijiyoyin burtsatse shida na ƙasar Kazaure

Daga: Jami'in kula da aiki
Zuwa: Tawagar da za ta yi haƙa bayanmu
Kwanan wata: 14 ga Yuni, 2024

An jera rahoton nan bisa lokacin da za ku buƙaci kowane darasi, ba bisa yadda abubuwa suka faru da mu ba. Wanda ke sauri ya karanta sashe na biyu, nan muka fi yin asara.

A taƙaice: rijiyoyi shida masu aiki da sola a ƙauyuka shida, daga Afrilun 2023 zuwa Mayun 2024. Biyar suna ba da ruwa. Ta ƙauye na huɗu ta ƙafe. Mun makara da wata uku.

1. Kafin ku rufe kasafi

Mun tsara kasafinmu dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Famfo da farantan sola daga waje ake shigo da su, mu kuwa mun bar sayensu sai an gama haƙa. Ƙarshenta tanki mai lita 5,000 muka ɗora a wurare biyu maimakon mai 10,000.

Ku sayi famfo da faranti ranar da kuɗi ya shigo, ku kulle a sito. Kowane farashi da ɗan kasuwa ya ba ku, ya rubuta kwana nawa zai tsaya a kansa.

2. Kafin mota ta shiga fili

Ƙasar nan dutse ne a ƙasa, ba irin yashin wajen Haɗejia ba. Ruwan yana cikin tsagar dutse, ana iya samunsa nan a rasa shi taku hamsin gaba. A ƙauye na huɗu mai awon ƙasa ya nuna bayan makabarta. Dattawa suka ce sam, sun fi son bakin masallacin Juma'a. Maganarsu tana da hujja, ba uwar da za ta aiki 'yarta bayan makabarta da magariba. Muka bi son ransu ba tare da an sake awo ba. Wannan shawarata ce, ba ta injiniya ba, kuma na rubuta ta a nan don kada a ɗora wa wani.

Kuskure na biyu ya rufe na farko. An yi gwajin zuƙo ruwa a watan Satumba, ƙasa ta ƙoshi da damina, aka kuma tsayar da shi bayan awa shida saboda man janareta ya ƙare. Ruwa ya yi ta ambaliya, aka yi kabbara, muka biya ɗan kwangila kuɗinsa duka. A watan Afrilu na tarar da jarkoki sama da arba'in a layi, an ɗora wa kowace dutse don kama wuri, famfo yana tari yana fitar da iska.

Saboda haka: in jama'a sun ƙi wurin da awo ya nuna, a biya a sake awo a inda suke so, ko da za a yi mako guda ana jira. Gwaji kada ya gaza awa 24, ma'aikacinmu na zaune da littafi yana rubuta zurfin ruwa. A riƙe kashi goma na kuɗin kwangila har rijiya ta ga bazara ɗaya, a sa wannan a takardar yarjejeniya tun farko.

3. Kafin ku miƙa makulli

A watan Janairu ƙauyuka uku suka kira wai famfo ya lalace. Ƙurar hunturu ce ta lulluɓe faranti. Tsumma da bokitin ruwa suka gyara, bayan mun ƙona mai zuwa can sau uku. Ku sa tsani a cikin kayan miƙawa, a naɗa mai goge faranti duk Juma'a.

Kwamitin ruwa ya fi tsayawa a ƙauye na biyu, inda ma'aji mace ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Naira ashirin take karɓa kan jarka, tana karanta lissafi a gaban mai unguwa duk ƙarshen wata. Inda aka bar wa dagaci shi kaɗai ya zaɓi 'yan kwamiti, ba mu ga littafi ba har muka tashi.

Abin da muka bari a buɗe

Ƙauye na huɗu har yanzu ruwan 'yan ga-ruwa suke saye. An kwance famfonsu da farantansu, suna sitonmu da sunansu a jiki, kada a kai su wani wuri. Mun yi musu alkawarin sabon awo a watan Maris mai zuwa, a gaban hakimi aka faɗa.

Takardun awon ƙasa da na gwaji suna cikin koren fayil a ofishin injiniya. Shafin gwajin ƙauye na huɗu yana sama, da awa shidan nan an ja musu layi da jan biro.