Ga Ma'aikacin Rajista a Asibitinmu na Gummi: Mutum Ɗaya, Lamba Ɗaya

Duk wanda ya zo, fara neman katinsa. Idan akwai, shigar da lambar katin a gurbin bincike, ka ƙara ziyarar yau a ƙarƙashinta.

In ya ce kati ya ɓace, kada ka yi gaggawar buɗe sabuwar rajista, ko da layi ya yi tsawo ranar kasuwa. Bincika da lambar waya, sannan da haruffa ukun farko na suna, amma ka tuna Muhammadu kan koma Mamman, A'isha ta zama Indo. Mace kuwa, wataƙila bara da sunan mahaifinta aka rubuta ta, yau ta ba da na miji. Tambaye ta a hankali: "Baba, kin taɓa zuwa nan?"

Suna kaɗai ba hujja ba ne. Abubakar Sani nawa ne a gari ɗaya? Haɗa da unguwa da kiyasin shekaru. Waya ɗaya ma takan yi wa gida guda hidima, kuma Hassan da Husaini kowa da lambarsa.

Danna maɓallin ajiya sau ɗaya, ko da kwamfuta ta yi nauyi.

In ka ga mutum ɗaya da lamba biyu, kada ka goge komai. Rubuta lambobin, ka kai wa shugaban sashen rajista ya haɗe su, domin likita na iya rasa bayanin maganin da jikin mutum ya ƙi.