Takardar bita kafin jarrabawar ranar Alhamis: wata, husufi da sauyin lokutan shekara

Zuwa ga ɗalibaina na aji biyu na kwaleji, nan Damagaram. Na rubuta muku wannan da Hausa domin ku fahimci abin tukuna, haddar kayenku ta biyo baya. Wurare uku ne ɗalibai suka fi zubar da maki, kuma duka ukun zane ne ke warware su. Ku karanta da biro a hannu.

Yadda wata ke sauya kama

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana. Kullum rabinsa mai fuskantar rana yana da haske, ɗaya rabin yana cikin duhu. Abin da ke sauyawa shi ne nawa muke gani daga cikin rabin nan mai haske, yayin da wata ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 384,400.

Idan wata ya shiga ɓangaren da rana take, bayansa ne ke shan haske, fuskar da ke kallonmu tana duhu. Shi ne muke cewa wata ya ɓace. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ɗan gusa daga rana, a ga jinjirin wata a yamma bayan magariba, wanda ake fita dubawa daren azumi da daren salla. Ku lura da shi da kyau: a ƙasarmu cikinsa ne mai haske ke ƙasa, ƙahonninsa na duban sama kamar ƙwarya, saboda rana tana can ƙarƙashinsa, ta riga ta faɗi. Wajen kwana 7 ana ganin rabi, yana sama sosai lokacin faɗuwar rana. Daren 14 ko 15 duniya ce a tsakiya, sai wata ya fito cikakke daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan ya fara raguwa, yana makara wajen fitowa da kimanin minti 50 kowace rana, har ya koma siriri da asuba a gabas.

Daga ɓacewa zuwa ɓacewa kwana 29.5 ne, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30. Kada ku haɗa shi da kwana 27.3, wanda shi ne lokacin kewaye ɗaya idan an auna da taurari. Bambancin ya zo ne daga tafiyar da duniya ita ma take yi tana kewaya rana, dole wata ya ƙara tafiya kafin ya sake daidaita da ita.

Kuskure na farko: "inuwar duniya ce ke rufe wata ya zama siriri." Wanda ya rubuta haka ba shi da maki. Lokacin jinjirin wata, inuwar duniya tana can ɗaya ɓangaren, nesa da shi. Ku gwada da dare a zaure: ƙanenka ya haska tocila daga bakin ƙofa, ka riƙe lemo a tsawon hannu, sama da kanka kaɗan, ka juya a hankali. Za ka ga duk kamannin nan a jikin lemon.

Husufi

A nan ne inuwa ke aiki. Husufin wata, wanda a gida ake cewa wata ya yi zazzaɓi, yana faruwa idan rana, duniya da wata suka jeru, duniya a tsakiya, inuwarta ta faɗa kan wata. Ba ya yiwuwa sai wata ya cika. Duk wanda wata ya fito a garinsu zai gani, kuma ba ya cutar da ido. Jan da yake yi daga iskar da ta lulluɓe duniya ne, ita ke karkato jan haske zuwa cikin inuwar. Na daren 27 ga Yuli 2018 ya yi awa 1 da minti 43 wata na cikin inuwa gaba ɗaya.

Husufin rana kuwa wata ne a tsakiya, don haka sai a ƙarshen wata. Rana ta fi wata faɗi kimanin sau 400, ta kuma fi shi nisa kimanin sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta cif. Inuwarsa ƙarama ce, garuruwan da ta bi ta kansu kaɗai ke ganin duhu, kuma ba ya wuce kimanin minti 7 da rabi. Ran Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar, ta bi ta Katsina da Maraɗi da nan Zinder, gari ya yi duhu da hantsi. Ba a haife ku ba, ku tambayi iyayenku. Kada ku taɓa kallon rana da ido, ko da baƙin tabarau na kasuwa ne, tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba.

To me ya hana husufi kowane wata? Wannan tambaya ta biyu ce da ake faɗuwa. Hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5 daga shimfiɗar hanyar duniya, saboda haka yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasan layin rana da duniya. Sai kusan kowane wata 6 ake samun damar jeruwa.

Lokutan shekara

Kuskure na uku shi ne cewa zafi na zuwa don duniya ta matso kusa da rana. Lambobin sun ƙaryata shi. Farkon Janairu, lokacin da kuke zuwa lakkwal da rigar sanyi da fasasshen leɓe, duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147. Farkon Yuli ta fi nisa, miliyan 152.

Dalilin shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.5, kuma karkatar tana duban wuri ɗaya duk shekara. Wajen 21 ga Yuni rabin arewa ne ke jingine wajen rana: haske na sauka kusan a tsaye, yini ya yi tsawo. Wajen 21 ga Disamba haske na zuwa a kaikaice, ya bazu a fili mai faɗi, zafinsa ya ragu. Rabin kudu akasin haka ne, Disamba ce lokacin zafi a Afirka ta Kudu. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba dare da yini kusan daidai suke ko'ina.

Zinder tana wajen digiri 14 arewa da layin tsakiyar duniya. Wajen 21 ga Disamba tsayin rana a sama ba ya wuce digiri 53 da tsakar rana, inuwarka ta miƙa arewa, yini awa 11 da 'yan mintoci. A Yuni yini ya kusa awa 13, inuwa gajera, ta koma kudu. Sau biyu rana ke tsayawa daidai kanmu, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Ɗalibi mai lura zai ce, to me ya sa Afrilu ke ƙuna, Agusta kuwa da sauƙi? Zafin bazara ne ke jawo iska mai laima daga teku ta kudu maso yamma, ita ke kawo damina, hadari da ruwa su tare rana. Idan rana ta koma kudu, busasshiyar iskar hamada ta dawo da ƙurar hunturu.

Wata ba ya kawo sanyi ko zafi. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke yawo cikin bazara da ɗari da damina, yana kammala zagaye cikin kimanin shekara 33.

Ku gwada kanku a gida

1. Zana rana, duniya da wata lokacin husufin wata, ka nuna inuwa.
2. Wata ya fito daga gabas da magariba. Kwana nawa yake da shi?
3. Me zai faru da tsawon yini a Zinder da a ce duniya ba ta karkace ba?

Jarrabawa ƙarfe 8 na safe. Ku zo da fensir da abin ja layi, zane kaɗai yana da maki 6 cikin 20.

Malaminku na kimiyya