Wasiƙar Neman Sassauci Kan Biyan Kuɗin Fulawa

Sule Tankarkar,
Jihar Jigawa.
Talata, 13 ga Yuni, 2023.

Zuwa ga Baba Alhaji,
Kasuwar Singa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara girma da buɗi. Mu ma nan lafiya lau, ruwa ya fara sauka, wasu har sun yi shuka. Kawu yana gaishe ka ƙwarai, ƙafar ta yi sauƙi, ya koma fita masallaci.

Baba Alhaji, da baki ya kamata in zo in yi wannan magana, in durƙusa a gabanka. Na zaɓi in fara rubutowa ne don akwai lissafi a ciki, kuma na san yadda shagonka yake da rana, mutum ba ya samun minti biyar ba a katse shi ba. Ka karanta a nitse idan ka koma gida.

Jiya Litinin ita ce ranar da ya kamata in cika maka kuɗin kayan da na ɗauka ranar 5 ga wata: fulawa buhu 20, sukari buhu 4, da bota da yis, jimilla naira 800,000. Abin da na iya turowa 450,000 ne. Saura 350,000, kuma ba na musun ko kwabo a ciki. Shekara shida ke nan tun ranar da Kawu ya riƙo hannuna ya kawo ni wurinka, ka ba ni buhu biyar ba tare da ka tambaye ni takarda ba. Daga ranar zuwa jiya ban taɓa tsallake Litinin ba. Ko a watannin canjin kuɗi, Fabrairu da Maris, da takardar naira ta ɓace muka riƙa kwana a layin masu POS, sai dai kuɗinka ya iso da daddare, amma bai kwana ba. Shi ya sa jiya da yaronka ya kira ni na rasa bakin magana.

Ga abin da ya faru. Tun ranar 29 ga Mayu da sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare, ba a yi kwana uku ba fetur ya tashi. Mu nan dama ba mu cika samun shi a farashin gwamnati ba, wajen 250 muke sayen lita. Yanzu 550 ne, wani lokacin ma sai ka bi 'yan bumburutu. Gidan burodina kuwa da fetur yake numfashi. Janareton da ke juya injin kwaɓi yana shan lita 10 a rana, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a wurinmu. Babura uku da ke kai burodi ƙauyuka suna shan lita 12. Lita 22 ke nan kullum. Ƙarin 300 a kowace lita ya zama 6,600 a rana, 46,200 a mako. Direban da ke ɗauko min kaya daga Singa ta hanyar Gujungu da Gumel, da yana karɓar 700 a buhu, yanzu ya ce 1,500, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan ma 19,200 ne a kan buhu 24. Itacen gashi, leda, har ruwan da 'yan garuwa ke kawowa, kowanne ya ɗan motsa, sun haɗa kamar 15,000. Idan aka tara, kusan 80,000 ke fita a mako wadda da ba ta fita. Ribata gaba ɗaya, a mako mai kyau, ba ta wuce haka.

Wannan na mako biyu ya ci 160,000. Sauran 190,000 tana hannun mutane. Ka san yadda sana'armu take: mai shayi yana karɓar burodi da safe, ya biya washegari ko ranar kasuwa. To su ma abin ya taɓa su. Mai babur da ke tsayawa ya sha shayi da burodi da ƙwai, yanzu ruwan bunu yake sha ya tashi. Manomi kuwa duk abin da ke aljihunsa ya tafi ga taki da iri da kuɗin huɗa. Wanda ke biyana kwana ɗaya ya koma kwana huɗu, wasu mako. Ba masu cin amana ba ne, yawancinsu tare muka taso, na san gidajensu. Amma kuɗin da ke shigo min a kwana goma ba zai biya bashin kwana bakwai ba, komai iya lissafina.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Burodin 300 na mai da shi 350, na 150 ya koma 200. Wasu abokan sana'a sun ba ni shawara in bar farashi yadda yake in rage nauyin kwaɓin a ɓoye. Na ƙi. Mai shayi da hannu yake auna burodi, rana ɗaya zai gane, kuma sunan da na yi shekara shida ina ginawa ba zan sayar da shi a kan awo ba. Na dakatar da babur ɗaya, wanda ke zuwa ƙauyukan da suka fi nisa, don man da yake sha ya fi ribar da yake kawowa. Yaron na dawo da shi wajen gashi, ban sallame shi ba, yana da mata da goyo. Mutum tara ke ci a gidan burodin nan, ban da iyalina.

Abin da nake roƙo shi ne mu sake tsarin biyan, na ɗan lokaci.

Ita 350,000 ɗin, ina so a ware ta gefe, kada a gauraya ta da sabon kaya. Zan riƙa biyan 50,000 kowace Juma'a, daga 23 ga Yuni har zuwa 4 ga Agusta, sau bakwai ke nan. Juma'a na zaɓa da gangan: Alhamis ce kasuwar Maigatari, ranar ce nake yin ciniki mafi yawa, kuma ranar ce masu shayi ke sauke abin da ke kansu. Idan abin da ke hannunsu ya shigo da wuri, ba zan jira ranar ba, zan turo.

Sabon kaya kuma, maimakon buhu 20 duk mako, a ba ni buhu 30 duk mako biyu, da sukari 6 da sauran tarkace. A farashin yanzu 1,200,000 ke nan. Ka ga na rage yawan abin da nake ɗauka, don kasuwar ta ja baya, kuma na rage zirga-zirga, direban ya yarda zai yi min ragi idan lodin ya zama ɗaya babba. Biyan sai a kasa shi uku: 400,000 ranar lodi, 400,000 bayan kwana bakwai, ragowar 400,000 ranar cikar mako biyu, kafin a ɗora min ko buhu ɗaya. A tsohon tsari ba na ba da komai ranar lodi. Yanzu kashi ɗaya cikin uku zai riƙa shiga hannunka tun kaya ba su bar Kano ba. Kuɗin farko ma na san inda zai fito: bijimin da na yi wata bakwai ina kiwo saboda Babbar Sallah zan kai Maigatari jibi. Lokacin dabba ne, ina sa ran ba zai yi kwantai ba.

Akwai magana ɗaya da nake so mu fayyace tun yanzu don kada ta zama abin jin nauyi daga baya, ita ce ta farashi. Na san kai ma ba haƙa kake yi ba. Kamfani ba ya ba ka kaya sai ka zube kuɗi, tirelar da ke kawo maka ita ma an ƙara mata, kuma idan fulawa ta tashi alhali kuɗinka yana hannuna, kai ne ka yi asara wajen sake saye. Saboda haka ban ce ka ba ni a farashin mai kuɗi hannu ba. Idan ka ga dama ka ɗora 300 a kowane buhu saboda jinkirin, na yarda. Sharaɗin kawai a yanke farashin ranar lodi, a rubuta a rasit, ya tsaya a haka har in gama biya, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Na tambayi limaminmu, ya ce ciniki a kan farashin da aka yanke tun farko babu laifi ko ya ɗara na kuɗi hannu, amma ƙari a kan bashin da ya riga ya tabbata shi ne ba ya halatta. Na san kai ka fi ni kiyaye wannan, na faɗa ne don mu kasance a kan magana ɗaya.

Ba har abada nake nema ba. Zuwa ƙarshen Oktoba gero ya shigo gida, riɗi ya fara fitowa kasuwa, kuɗi ya dawo hannun mutanen ƙauye. Daga Litinin ta farko a Nuwamba sai mu koma tsarinmu na mako-mako, ko mu zauna mu duba abin da ya fi.

Idan kana son abin riƙewa, ba zan ji haushi ba, kasuwa ce. Takardun baburan nan uku da sunana suke, zan kawo maka su ka ajiye. Kawu ma ya ce in gaya maka ya tsaya min, kuma a shirye yake ya sa hannu. Ni da kaina na fi son a rubuta komai a takarda da shaidu biyu, kamar yadda ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta yi umarni, saboda rai ba a bakin komai yake ba, kada a bar magada da gardama.

In kuma wannan tsari ya yi maka nauyi, don na san ba ni kaɗai ke binka da irin wannan kuka ba a kwanakin nan, ka faɗa min iyakar abin da za ka iya. Ko buhu 24 ne maimakon 30, ko kwana goma maimakon sha huɗu, zan gyara aikina a kai. Abin da ba na so shi ne in yi shiru, ko in riƙa kashe waya, ko in zagaya layin bayanka in ɗauki kaya wurin wani da kuɗin da ya kamata ya zo gare ka. Akwai wanda ya yi min tayin haka satin nan, na ce masa ina da uban gida.

Fulawar da ta rage min za ta kai ni Lahadi idan na yi tattali. Zan shigo Kano ranar Asabar, 17 ga wata, da kuɗin bijimin a hannuna da littafin shiga da fita na gidan burodin, ka duba da idonka ko ka sa akawunka ya duba. Zan iso kafin Azahar in sha Allahu. Idan ranar ba ta yi maka ba, ka faɗa wa direban da ya kawo wannan takarda, gobe da yamma zai juyo.

A gaishe min da Hajiya da yara. Na sa a cikin motar an taho mata da ɗan man shanu da zabi biyu daga maiɗakina.

Wassalam.

Ɗanka,
Habu mai burodi,
Sule Tankarkar.